Adadi marar madogara: layin da ke kare mutuncin darussan kuɗi a kafafen sada zumunta

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Dawanau ya san cewa ba a faɗin farashi tsirara. Idan mutum ya ce maka masara ta kai naira kaza, kafin ka ɗaga kai za ka tambaye shi: a wace kasuwa, yaushe, buhu ko tiya? In ya kasa amsawa, ka san zancen bakin hanya ne, ba ka kwance lalitarka a kansa. Abin mamaki shi ne, wannan taka-tsantsan da ko yaron shago yake da shi, mu masu boko mukan ajiye shi gefe da zarar adadi ya zo mana a wayar hannu, an rubuta shi da manyan baƙaƙe a kan hoto mai launi.

A 'yan shekarun nan wani salon koyarwa ya yaɗu a Instagram da LinkedIn da Facebook. Mai koyarwa yakan shirya darasi a cikin jerin hotuna masu rubutu, mai karatu yana shafa yatsa yana wucewa daga falle zuwa falle. Masu sana'ar suna kiransa karosel, mu kuma a nan za mu kira shi jerin fallaye. Matasa da yawa ta wannan hanya suke fara jin bayanin adashi da ajiya da hannun jari da hauhawar farashi, kuma da dama daga masu shirya darussan mutanen kirki ne masu son a amfana. Matsalarsu ita ce wuri. Falle ɗaya ba ya ɗaukar fiye da jimla biyu ko uku, don haka abin da ake fara yankewa shi ne layin da ke faɗin inda adadi ya fito. Ra'ayina shi ne wannan layi ɓangare ne na adadin kansa, kamar yadda ma'auni yake ɓangaren farashi, kuma ana iya rubuta shi cikin kalmomi goma sha biyu ba tare da ya ɓata tsarin falle ba. Zan nuna haka da alƙaluman hauhawar farashi a Najeriya, domin su ne aka fi yawo da su, kuma su ne aka fi yi wa karan-tsaye.

Wata ɗaya, alƙaluma uku

A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta fitar game da watan Disambar 2024, ta ce hauhawar farashi gaba ɗaya ta kai kashi 34.80 cikin ɗari. A cikin wannan rahoto kuma ta ce ta kayan abinci ta kai kashi 39.84. Haka nan, a cikinsa akwai kashi 2.44. Dukkan ukun gaskiya ne, hukuma ɗaya ce ta fitar da su, kuma a kan wata ɗaya suke magana. Na farko yana auna yadda farashin kayan masarufi da hidimomi baki ɗaya ya tashi tsakanin Disambar 2023 da Disambar 2024. Na biyu ya ware abinci kaɗai a cikin wannan tazara ta shekara guda. Na uku kuwa tazararsa wata ɗaya ce tak, daga Nuwamba zuwa Disamba.

To, a ce mutum uku kowa ya shirya darasinsa, kowa ya ɗauki ɗaya daga cikin alƙaluman, ya rubuta “hauhawar farashi a Najeriya” a samansa, ya sa “NBS” a ƙasa. Babu wanda ya ƙirƙiri ƙarya a cikinsu, amma ɗalibar da ta ga fallayen uku a rana ɗaya za ta yanke hukuncin cewa ko dai hukumar ba ta san aikinta ba, ko masu darussan suna zuba abin da suka ga dama. Daga nan sai ta daina yarda da kowa, har da mai gaskiyar. Wannan shi ne darasi na farko: ambaton sunan hukuma kawai bai isa ba. Sai an faɗi abin da aka auna da tazarar da aka auna shi a kai.

Bayan wata guda sai lamarin ya ƙara rikiɗewa. A Fabrairun 2025 hukumar ta sanar da cewa hauhawar farashi ta watan Janairu kashi 24.48 ce cikin ɗari. Wanda ya jera 34.80 da 24.48 a falle ɗaya, ya ja kibiya tana kallon ƙasa, zai sa mai karatu ya ɗauka cewa cikin kwana talatin da ɗaya rayuwa ta yi sauƙi. Abin da ya faru shi ne hukumar ta sabunta ma'auninta. Ta mayar da shekarar da ake kwatance da ita daga 2009 zuwa 2024. Ta ƙara yawan kayan da take bibiyar farashinsu daga 740 zuwa 934. Ta kuma rage nauyin da abinci yake da shi a lissafin, daga sama da rabi zuwa kusan kashi 40 cikin ɗari, bisa sabon binciken da ta yi kan yadda gidaje ke kashe kuɗinsu. Sabunta ma'auni aiki ne da hukumomin ƙididdiga a duniya suke yi lokaci zuwa lokaci, babu aibu a cikinsa. Sai dai adadin da aka auna da tsohon mudu ba a jera shi kafaɗa da kafaɗa da wanda aka auna da sabo, sai an gaya wa mai saye cewa an sauya mudu.

Akwai kuma wani kuskure da ke biyo bayan wannan, wanda rashin bayani ke haifarwa. Ko da ma'auni bai sauya ba, saukar adadin hauhawa ba ta nufin kaya sun yi araha. Kayan da ke naira 1,000, idan ya tashi da kashi 30 ya koma 1,300. Idan a shekara mai zuwa hauhawar ta sauka zuwa kashi 20, kayan zai koma 1,560. Gudun motar ne ya ragu, amma har yanzu gaba take yi. Fallen da ya ce “farashi ya sauka” alhali abin da rahoto ya ce shi ne saurin tashinsa ya ragu, ya jingina wa hukuma maganar da ba ta faɗa ba, kuma magidancin da ya dawo daga cefane zai ƙaryata shi nan take.

Abubuwa huɗu a layi ɗaya

Layin madogara na kirki yana amsa tambayoyi huɗu: wa ya auna, me aka auna, wane lokaci adadin yake magana a kai, kuma a wane rahoto za a same shi. Ga adadin da muka fara da shi, layin zai kasance kamar haka: “Madogara: NBS, hauhawar farashi gaba ɗaya, Disamba 2023 zuwa Disamba 2024, rahoton Janairu 2025.” Wannan bai cika layi biyu a ƙasan falle ba. Na watan Janairu kuwa sai a ƙara masa kalmomi uku a ƙarshe: “bisa sabon ma'auni.” Waɗannan kalmomi uku su ne suke hana mai karatu gina hukunci a kan kwatancen da bai halatta ba.

Wasu sukan haɗe lokacin da adadi yake magana a kai da lokacin da aka wallafa shi, suna ganin abu ɗaya ne. Sun bambanta, kuma kowanne yana da aikinsa. Alƙaluman Disamba a tsakiyar Janairu suke fitowa, don haka wanda ya rubuta “2025” kawai a ƙarƙashin 34.80 ya ɗora wa sabuwar shekara nauyin tsohuwa. Ban da haka, hukumomin ƙididdiga sukan yi wa alƙaluman baya gyara idan sun sami ƙarin bayani ko sun sauya hanyar lissafi. Wanda ya ambaci watan rahoton ya kare kansa, domin ko an gyara adadin daga baya, kowa zai ga cewa abin da ke hannu a lokacin shi ya kawo.

Sai batun wanda za a ambata. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idan jarida ta ruwaito adadi daga hukuma, hukumar ce madogara, kuma wajibi ne mai shirya darasi ya je ya buɗe rahoton da idonsa. Na hauhawar farashi yana shafin nigerianstat.gov.ng da sunan “CPI and Inflation Report”, ana saka shi kowane wata, kuma shafukansa na farko sun ƙunshi taƙaitaccen bayanin da ya wadatar. Idan bai sami asalin ba, sai ya faɗi gaskiyar yadda labarin ya zo masa: “NBS, kamar yadda jarida kaza ta ruwaito a rana kaza.” Abin da bai kamata ba shi ne “bincike ya nuna”, ko “masana sun ce”, ko “Madogara: Google”. Na farko da na biyu 'yan uwan “an ce” ne, sun dai sa babbar riga. Na uku kuwa kamar a tambaye ka wa ya ba ka labari ne, ka ce hanyar Zariya.

Me ya sa sai a kan fallen?

Masu shirya darussa da yawa sukan ce ai sun zuba madogararsu a rubutun da ke ƙarƙashin hoton, ko a falle na ƙarshe. Wannan yana da kyau a matsayin ƙari, amma bai wadatar ba, saboda yadda mutanenmu suke yaɗa abu. Wanda falle na uku ya burge shi ba ya tura jerin gaba ɗaya. Yakan ɗauki hoton fuskar wayarsa, ya jefa a zauren WhatsApp na dangi ko na abokan karatu, daga can wani ya ɗora a nasa shafin. A wannan tafiya rubutun ƙarƙashi ya faɗi a hanya, falle na ƙarshe ya faɗi, ranar da aka wallafa darasin ma ta ɓace. Abin da ya rage shi ne hoto ɗaya da abin da ke jikinsa. Bayan shekara biyu yana iya sake tasowa kamar sabo, mutane su yi ta muhawara a kansa. Saboda haka ka'idar ita ce, duk fallen da ke ɗauke da adadi ya ɗauki madogararsa, ta yadda ko ya ɓata daga 'yan uwansa zai iya faɗin gidansu.

Wannan kuma yana da sharuɗɗa na aiki. A rubuta layin da ƙananan baƙaƙe, amma kada su yi ƙanƙantar da sai an buɗa hoto da yatsu biyu kafin a karanta. WhatsApp yana matse hotuna don rage nauyinsu, kuma siririn rubutu mai launin toka a kan fari shi ne yake fara dusashewa. Gwajin mai sauƙi ne: mai darasin ya tura wa kansa fallen ta WhatsApp, ya buɗe a ƙaramar waya mai tsohuwar fuska, ya ga ko zai iya karanta layin. Kada kuma a manna shi a can bakin gefe, inda mai ɗaukar hoto zai yanke shi ba da gangan ba. Gara a sa shi dab da adadin ko ƙarƙashin jadawalin. Dogon adireshin intanet ba shi da amfani a kan hoto, tunda ba a latsa shi, kuma babu mai zaman kwafe baƙaƙe sittin. Sunan hukuma da sunan rahoto da wata sun isa mai nema ya gano shi cikin minti biyu. Cikakken adireshin sai a bar wa falle na ƙarshe.

Mu gina darasi ɗaya tare

A ce wata matashiya mai koyar da tattali tana son nuna wa mabiyanta yadda hauhawar farashi take cin kuɗin da aka ajiye a gida. Ta zaɓi shekarar 2024, ta zaɓi naira 100,000. Falle na farko take ne kawai, babu adadi, don haka ba ya bukatar madogara. A na biyu ta rubuta 34.80 da manyan baƙaƙe, ta sa layin nan mai abubuwa huɗu a ƙasa. A na uku ta fassara shi: kayan da aka saya naira 100,000 a Disambar 2023, a matsakaici sai an biya naira 134,800 kafin a same su a Disambar 2024.

A falle na huɗu ne akasari ake tuntuɓe. Tambayar ita ce, dubu ɗarin da ta kwana shekara a ƙarƙashin katifa, nawa ne ƙarfinta yanzu? Da yawa sukan debe kashi 34.8 daga ciki, su rubuta 65,200. Wannan ba daidai ba ne. Kuɗin ba su ragu ba, kaya ne suka tashi, don haka rabawa ake yi: 100,000 ÷ 1.348, abin da ya ba da kimanin naira 74,184. Ma'ana, dubu ɗarin za ta sayi abin da 74,184 take saya a bara. Tsakanin amsar kuskure da ta daidai akwai kusan naira 9,000.

Yanzu wa za a ambata a ƙasan wannan falle? Idan ta rubuta “Madogara: NBS”, ta yi wa hukumar ƙage, domin babu inda hukumar ta buga 74,184. Abin da ya dace shi ne: “Lissafinmu: 100,000 ÷ 1.348, bisa adadin NBS na Disamba 2024.” Wannan layi yana yin aiki biyu. Ya raba abin da hukuma ta faɗa da abin da mai darasi ya ciro, ya kuma miƙa wa mai karatu hanyar da zai sake lissafin a wayarsa. Da mai amsar 65,200 ya rubuta yadda ya same ta, da ɗalibin aji ɗaya a sashen tattalin arziki ya gyara masa kafin hoton ya kai zaure na biyu.

A falle na biyar tana son kwatanta da wanda ya sa kuɗinsa a inda suka kawo masa ƙarin kashi 8 cikin ɗari a shekara. Kuɗinsa sun zama 108,000, kuma 108,000 ÷ 1.348 ya ba da kimanin 80,119. Ya fi mai katifa da kusan naira 6,000, amma shi ma ƙarfin kuɗinsa ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa biyar. Wannan kashi 8 kuma daga ina? Idan ita ta zaɓe shi don bayani, sai ta rubuta: “Kashi 8 misali ne kawai, ba tayin wani banki ba ne.” Idan daga wani banki ta samo shi, sai ta faɗi sunan bankin da irin asusun da ranar da ta duba. Alƙaluma a darasin kuɗi iri uku ne: wanda hukuma ta auna, wanda mai darasi ya lissafa, da wanda aka ƙaddara don misali. Kowanne yana da tambarinsa, kuma cakuɗa su shi ne babbar ƙofar da ruɗu yake shigowa ta ciki.

Falle na shida na iyaka ne. Adadin hukuma matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, birni da ƙauye, mai mota da mai tafiya a ƙasa. Gidan da mafi yawan kuɗinsa a kan abinci suke tafiya ya fi kusa da 39.84, kuma da wannan adadi dubu ɗarin nan za ta koma kimanin 71,510. Da ta yi kuskuren ɗauko 24.48 ta ɗora a kan shekarar 2024, da ta sami 80,334, wato ta ɓoye wa mai karatu asarar sama da naira 6,000 a kowace dubu ɗari. Ga wanda yake tunanin ko ya bar kuɗin aurensa a asusu ko ya sayi kayan ɗaki tun yanzu, wannan bambanci yana iya sauya shawararsa.

Lokacin da tsohon adadi ya zama haɗari

Akwai alƙaluman da ba aunawa ake yi ba, doka ko ƙa'ida ce take tsayar da su, kuma su ma suna tsufa. Shekaru da dama, iyakar abin da Hukumar Inshorar Kuɗaɗen Ajiya ta Najeriya, wato NDIC, take lamunce wa mai ajiya idan bankin kasuwanci ya durƙushe naira 500,000 ne. A watan Mayun 2024 hukumar ta ɗaga shi zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a kowane bankin kasuwanci, ta kuma ɗaga na ƙananan bankunan masu ƙaramin jari daga naira 200,000 zuwa miliyan 2. Ba a jima ba, ranar 3 ga Yunin 2024, Babban Bankin Najeriya ya soke lasin bankin Heritage, kuma da sabuwar iyakar aka yi aiki wajen biyan masu ajiya. Wanda kuɗinsa suka haura iyakar, ragowar sai ya jira a sayar da kadarorin bankin a karɓo basussukansa.

Duba yadda falle marar kwanan wata zai cutar a nan. Mai naira miliyan 3 a bankin kasuwanci ya ga tsohon hoto yana cewa dubu 500 kawai aka lamunce. Ya tsorata, ya kwashe kuɗinsa ya kai gida, inda ɓarawo da gobara da hauhawar farashi suke jiransu, alhali duka kuɗin nasa suna cikin kariya. Wani kuma mai miliyan 4 a ƙaramin banki ya ga sabon hoto yana cewa miliyan 5, ba a faɗi irin bankin ba. Ya saki jiki, alhali rabin kuɗinsa ne kawai aka lamunce. Na farko rashin kwanan wata ne ya cuce shi, na biyu rashin faɗin abin da adadin ya shafa. Layi ɗaya zai tsare su duka: “NDIC, bankunan kasuwanci, kowane mai ajiya a kowane banki, daga Mayu 2024.”

Irin waɗannan alƙaluma, da kuɗin ruwan da Babban Banki ke tsayarwa, da farashin dala, da ƙa'idojin haraji, suna bukatar a rubuta “zuwa ranar kaza” a gefensu. Mai darasi na ƙwarai yakan riƙe ɗan kundi, ko da a littafin rubutu ne, inda yake rubuta kowane adadi da ya wallafa, da rahoton da ya ɗauko shi, da shafin, da ranar. Idan ƙa'ida ta sauya, ya san darussan da suka tsufa, sai ya sauke su ko ya fitar da sabo ya ce wannan ya shafe wancan.

Abin da layin ba zai iya ba

Kada a ɗauka cewa duk fallen da ke da madogara ya tsira. 'Yan damfara ma sun gano cewa tambarin hukuma yana kwantar da hankali. Za ka ga falle yana ɗauke da sahihin adadin hauhawar farashi, da sunan NBS daram a ƙasa, sai falle na gaba ya ce mafita ita ce ka zuba kuɗinka a wani kamfani mai ninka su cikin wata guda. An ari mutuncin adadin farko an lulluɓe alƙawari na biyu, wanda ba shi da madogara ko kaɗan. Najeriya ta ga irin wannan a MMM, wadda ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016, ta sake gani a CBEX a Afrilun 2025. Wata dabarar kuma ita ce nuna takardar rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a matsayin hujja. Wannan takarda tana tabbatar da cewa kamfani ya wanzu da wannan suna, ba ta ba shi izinin karɓar jarin jama'a. Izinin yana hannun Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, wato SEC, kuma tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista a shafinta na sec.gov.ng. Madogara tana tsaya wa adadin da ke samanta ne kaɗai, ba ta tsaya wa fallen da ke biye.

Saboda haka mai karatu ma yana da nasa aikin, kuma ba mai wahala ba ne. Ya dubi ƙasan fallen ya ga ko akwai suna da wata da shekara. Ya tambayi kansa ko adadin na shekara ne ko na wata, na ƙasa ne ko na jiha, na hukuma ne ko lissafin mai shafi. Idan an jera alƙaluma biyu ana kwatanta su, ya duba ko da mudu ɗaya aka auna su. Idan kuma shawarar da ake ba shi za ta sa ya motsa kuɗinsa, ya ɗauki minti biyar ya nemi rahoton da aka ambata. Idan ya nema bai samu ba, ko ya samu amma adadin ba ya ciki, ya riga ya sami amsarsa. Kuma kafin ya tura hoto zuwa zauren dangi, ya tuna cewa a can da sunansa za a karɓe shi, domin kawunsa bai san mai shafin ba, shi ya sani.

A jami'a muna tilasta wa ɗalibi ya cika shafuka da jerin littattafan da ya duba, mu rage masa maki idan ya ɓata waƙafi. Wannan tsari an yi shi ne don kundi mai shafi ɗari, wanda mutum biyar za su karanta. Falle ɗaya kuwa mutum dubu ashirin suna iya gani kafin magariba, kuma wasu daga cikinsu za su taɓa kuɗin makarantar 'ya'yansu saboda shi. Ya dace sassan koyar da aikin jarida da tattalin arziki da akanta su riƙa ba ɗalibai wannan atisaye: a miƙa musu rahoton hukuma na wata guda, a ce su fitar da falle ɗaya, adadi ɗaya, da layin madogara da bai wuce kalmomi goma sha biyar ba, sannan a ba wani ɗalibi ya nemo asalin adadin da wannan layi kaɗai. Idan ya gano shi cikin minti biyu, layin ya yi aikinsa. Idan ya dawo yana tambayar wane wata ake nufi, sai a mayar wa mai shi ya sake rubutawa.